Zuwa ga abokan cinikinmu: dalilin da ya sa muke gyara rubutun na'ura kafin mu taƙaita shi

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Da yawa daga cikinku kun tambaye mu me ya sa taƙaitaccen bayanin taro yake ɗaukar kwana guda ko biyu a hannunmu, alhali manhaja tana mayar da maganar awa ɗaya rubutu cikin 'yan mintoci. Dalilin shi ne, rubutun da na'ura ta fitar ɗanye ne, kuma duk kuskuren da ya kuɓuce ya shiga taƙaitawa ya samu maɓoya. A cikin dogon rubutu mai karatu yakan ji cewa jimla ba ta zauna daidai ba, sai ya koma ya saurara. Idan kuwa an matse shafi ashirin ya koma shafi ɗaya, kuskuren yakan fito tsaf cikin jimla mai kyau, babu alamar da za ta sa a yi shakkarsa.

Na'urar aiki biyu take yi, kuma kowanne da irin tuntuɓensa. Ɗaya shi ne rubuta kalmomin da ta ji. Ɗayan shi ne rarrabe muryoyi, inda take sa wa kowace murya lamba kamar `SPEAKER_00` da `SPEAKER_01`. Ba ta san sunan kowa ba, kamannin sauti kawai take bi. Shi ya sa takan haɗe mutum biyu masu kusancin murya su zama mutum ɗaya, ko ta raba mutum ɗaya gida biyu don ya matsa nesa da makirufo, ko ya ɗaga murya da gardama ta yi zafi. Inda ta fi rikicewa shi ne wurin da magana ke sauya hannu: wani ya katse wani, ko a yi gajeren amshi irin "to", "haka ne", "a'a". Irin waɗannan sau da yawa takan manna su a jikin maganar wanda yake riƙe da dogon zance.

Muna fara gyaran masu magana kafin gyaran kalmomi, domin sai an san wa ke magana ake iya gane kalmar da ta fi dacewa da bakinsa. Da farko mukan ƙirga lambobin da na'ura ta bayar mu gwada da yawan mutanen da suka halarta. Idan mutum huɗu ne a ɗaki amma lambobi shida suka fito, an raba wani. Idan uku suka fito, an haɗe wasu. Daga nan sai mu nemo wa kowane mahalarci wuri guda inda babu shakka shi ne, misali inda ya gabatar da kansa ko aka kira sunansa ya amsa, mu saurari daƙiƙa ashirin zuwa talatin har kunne ya riƙe muryar. Da wannan ma'auni muke bin sauran rubutun, muna tsayawa a duk inda mutum ya yi tambaya kuma ya ba kansa amsa, ko ya kira sunan kansa kamar yana yi wa wani magana, ko ya sauya ra'ayi a tsakiyar jimla ba gaira ba dalili. Waɗannan alamu kusan kullum suna nufin muryoyi biyu ne aka cusa a layi ɗaya.

Ga misali, a ce taron mutum huɗu ne na minti hamsin, kuma na'ura ta fitar da wannan:

```
[00:14:32] SPEAKER_01: Za mu karɓi buhu tamanin ranar Litinin to ni zan sa hannu
```

Wanda ya taƙaita wannan kai tsaye zai rubuta cewa mai kula da sito, wato `SPEAKER_01`, ya amince a karɓi buhu 80 ranar Litinin, kuma shi zai sa hannu. Da aka koma ga sautin, aka rage gudunsa, sai ga kurakurai uku a layi ɗaya. Mai kula da siton cewa ya yi "ba za mu karɓi buhu talatin ranar Litinin ba". "Ba" ta farko ta ɓace domin an tura kujera daidai lokacin, ta ƙarshe kuma ta nutse a ƙarƙashin muryar wanda ya katse shi. "Talatin" ta koma "tamanin", tunda farkonsu da ƙarshensu iri ɗaya ne. Sannan "to ni zan sa hannu" ba maganarsa ba ce, shugabar taron ce ta faɗa. Wato an juya ƙin yarda ya zama yarda, an mayar da 30 ta zama 80, an kuma ɗora wa mutum alhakin da bai ɗauka ba.

Wannan misali ya nuna inda muke zuba ido a zagaye na biyu. Ba kowace kalma ce nauyinta ɗaya ba. Idan manhaja ta kuskure kalma 5 cikin kowace 100, a rubutu mai kalma 8,000 kurakurai 400 ke nan, kuma akasarinsu ba sa canza ma'ana. Waɗanda ke yin ɓarna su ne kalmomin korewa irin "ba", "bai", "babu" da "kada", sai adadi da ranaku, sai sunayen mutane da na kaya, sai kuma ƙananan kalmomin da ke nuna wa zai yi aiki, kamar "zan" da "zai", ko "mu" da "ku". Duk jimlar da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu kuma take da alaƙa da shawarar da aka yanke, sai mun saurare ta da kunne, muna farawa daƙiƙa biyar kafin ta, domin abin da ya gabata shi yake warware ta. A rubutun Hausa akwai ƙarin wahala: ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma na'ura takan yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, sai "ƙasa" ta zama "kasa", "ɗaki" ya zama "daki". Suna kuwa idan ta kuskure shi, takan rubuta shi ta hanya biyu ko uku, don haka ba ma danna "sauya duka" sai mun duba kowane wuri.

Akwai wani kuskuren da ya fi ban tsoro. Wasu manhajoji, idan suka tarar da dogon shiru ko kiɗa, sukan rubuta jimlar da babu wanda ya faɗe ta, ko su yi ta maimaita layi ɗaya. Mukan gano haka ta duba lokacin: idan ga rubutu amma sautin wurin shiru ne, sai a goge.

Inda muka saurara sau uku kalma ba ta fito ba, ba ma cike gurbin da hasashe. Mukan sa alama da lokacinta, kamar `[ba a ji ba 00:31:08]`, kuma idan wurin ya shafi shawara ko adadi, za ku ga an ambace shi a ƙasan taƙaitawar domin wanda ya halarci taron ya tabbatar. Haka nan ba ma gyara wa mutum maganarsa: idan ya faɗi adadin da muke zaton ba daidai ba ne, muna barinsa yadda ya faɗa, mu ja hankalinku a gefe.

Roƙonmu gare ku kaɗan ne, amma yana rage aikin sosai. Ku haɗo mana da jerin mahalarta da muƙamansu, da sunayen kaya da kalmomin sana'arku kamar yadda kuke rubuta su. Ku turo ainihin fayil ɗin sautin, domin wanda aka yi ta turawa ta manhajar hira sau da yawa an matse shi, ƙananan sautuka sun dushe. A farkon taro kowa ya faɗi sunansa a jimla cikakkiya, a ajiye makirufo a tsakiya nesa da fanka. Idan kuma manhajar taronku tana iya ɗaukar muryar kowane mahalarci a fayil dabam, ku kunna wannan zaɓi, domin shi kaɗai yana kawar da mafi yawan rikicin masu magana. Idan an yanke shawara, shugaban taro ya maimaita ta a fili, da adadinta da sunan wanda zai aiwatar.

Mun gode da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Ma'aikatan sashen gyaran rubutu