Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Sadarwa: Shafukan Asibitocin Mambobi a Taswirar Google

Assalamu alaikum, shugabanni da mambobi masu girma. Babban taron bara ya ɗora wa wannan kwamiti aiki guda: duba dalilin da ya sa wasu asibitocinmu ba sa fitowa idan mutum ya ɗauki waya ya nemi asibiti mafi kusa da shi, alhali suna bakin layinsa. Ga abin da aka yi da abin da aka gano.

Mun fara da zagayen duba shafin kowane asibiti a Google Business Profile, wanda har zuwa ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Yawancin masu ƙorafi sun zo da zaton cewa rubutun bayaninsu ne bai yi daɗi ba. Ba nan gizo ke saƙa ba. Google da kansa ya ce abubuwa uku yake aunawa: dacewar wuri da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da kuma shahararsa. Kusanci ba ya hannun kowa. Dacewa kuwa tana rataye ne da farko a kan rukunin da aka zaɓa, wato `Primary category`. Don haka kafin a taɓa kalma ɗaya ta bayani, sai da muka gyara rukuni, alamar wuri a taswira da lokutan aiki.

Misali ɗaya ya isa, kuma mai asibitin ya amince a kawo shi ba tare da suna ba. Ƙaramin asibiti ne a Hotoro, aikinsa mafi yawa awon ciki da karɓar haihuwa, yana da ɗakin gwaji. Wanda ya buɗe masa shafin ya zaɓi `Medical laboratory` a matsayin babban rukuni, saboda haka masu neman gwajin jini ne ke ganinsa, masu neman wurin haihuwa ba sa ganinsa. An mayar da babban rukunin `Maternity hospital`, aka bar ɗakin gwajin cikin ƙarin rukunai. Ana iya ƙara har guda 9, amma shawararmu a tsaya ga aikin da ake yi da gaske. Alamar taswirarsa kuma tana kan babban titi, asibitin yana can cikin layi, masu adaidaita sahu suna ta dawafi da mata masu naƙuda. An ja alamar zuwa ƙofar shiga daidai. An kuma cire jerin kalmomin da aka liƙa wa sunan asibitin, domin ƙa'ida ita ce sunan da ke kan allon ƙofa shi ne sunan da ke shafi, kuma ƙari a kai na iya jawo a dakatar da shafin gaba ɗaya.

Sai bayanin kansa. Gurbin yana ɗaukar haruffa 750, amma kusan 250 na farko ne ake gani kafin mutum ya danna don ganin sauran, kuma mai ciwo ba ya dannawa. Tsohon bayanin ya ɓata wannan sarari da godiya da tarihin wanda ya kafa wurin. Sabon ya fara haka: "Asibitin haihuwa da kula da yara a unguwar Hotoro, Kano. Muna yin awon ciki, hoton ciki, karɓar haihuwa dare da rana, rigakafin yara da gwajin jini. Akwai ungozoma mace a kowane lokaci." Daga nan aka kawo kwatance da abin da ba ya gusawa, kamar masallacin Juma'a ko makaranta, sannan aka maimaita muhimman ayyukan a taƙaice da Ingilishi, tunda mutane da yawa `clinic near me` suke bugawa ko da Hausa suke magana. Jimlar ungozoma mace ita ce aka fi tattaunawa a zaman kwamiti. An bar ta ne bayan an duba jadawalin ma'aikata an tabbatar gaskiya ce har da daren Lahadi, domin tambayar da maigida ke fara yi ke nan kafin ya kawo iyalinsa.

Abin da ba ya shiga bayani: adireshin intanet, farashi, rangwame. Google na iya ƙin amincewa da su. Haka nan iƙirari irin "mu ne na ɗaya" ko "muna warkar da ciwon suga". Wannan ya wuce batun Google, domin ƙa'idojin aikin likita na hukumar MDCN sun taƙaita tallar kai. Faɗin aikin da ake yi da lokacin yinsa sanarwa ce, alƙawarin waraka kuwa talla ce, kuma kwamiti ba zai tsaya wa mamban da ya rubuta shi ba.

A zango na biyu mun horar da ma'aikatan karɓar baƙi kan sanarwowin da ake ɗorawa a shafi. Iri uku ne: `Update`, `Offer` da `Event`. Ga asibiti, na farko da na uku sun wadatar. Kowace sanarwa na ɗaukar haruffa 1,500, sai dai jimloli uku sun isa: me ake yi, wace rana, a zo da me. Alal misali: "Awon ciki kowace Talata da Alhamis daga ƙarfe 8 na safe. A zo da katin awo da sakamakon gwajin da aka yi a baya." Sai a zaɓi maɓallin `Call now`. Kada a rubuta lambar waya cikin rubutun, wannan na cikin abubuwan da ke sa a ƙi sanarwa, kuma maɓallin yana kiran lambar da ke shafin. Sanarwar da ke tallar magani ma ana ƙin ta. Idan an ƙi, za a ga `Rejected` a gefenta, kuma sau da yawa cire abu ɗayan nan ya isa.

Gaskiya ita ce sanarwa ba ta ɗaga asibiti sama a jerin sakamako yadda wasu masu neman kwangila ke faɗa. Amfaninta shi ne wanda ya riga ya ga shafin ya san wurin yana raye. Ɗaya a mako ta isa, a bi yanayi: gwajin zazzaɓin cizon sauro da damina, alamomin sanƙarau da bazara, canjin lokutan aiki da azumi. Bayan wata 6 sanarwa takan koma ma'ajiya idan ba a sa mata kwanaki ba.

Batun hoto ya ba mu wahala. Google na son JPG ko PNG, tsakanin 10 KB da 5 MB, kuma girman pixel 720 sau 720 ya fi kyau. Wannan mai sauƙi ne. Matsalar ita ce hotunan jarirai da iyaye mata da aka ɗora ba da rubutaccen izini ba, har da wani hoton teburi da sunan mara lafiya ke bayyane a kan fayil. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsananin kariya. An sauke su duka, an maye gurbinsu da hoton ƙofar shiga, allon suna da ɗakin jira babu kowa a ciki. Ƙa'ida ɗaya ce wajen amsa sharhin jama'a: ko an zagi asibiti, kada amsa ta tabbatar cewa mai sharhin ya taɓa kwanciya a wurin, balle ta ambaci ciwonsa.

Abin da bai kammalu ba shi ne mallakar shafi. Har yanzu akwai mambobin da shafinsu ke kan imel ɗin tsohon ma'aikaci ko na mai shagon kwamfuta. Hanyar ita ce neman mallaka ta `Request access`, sannan tabbatarwa, wadda sau da yawa ake yi da bidiyon da ke nuna titi, allon suna da cikin asibitin a ɗauka ɗaya ba yankewa.

A shekara mai zuwa, kowane mamba zai aiko wa sakatare hoton shafin `Performance` duk bayan wata uku, inda ake ganin kalmomin da aka nemo shi da su, yawan kira da yawan masu neman kwatance. Za a kuma tunatar da kowa mako guda kafin kowace Sallah ya cika `Special hours`, kuma asibitocin da ke rufewa don sallar Juma'a su raba lokacin ranar gida biyu a shafinsu.

Kwamitin Sadarwa