Zuwa ga mai tambaya kan gine-ginen bakin Kogin Kaduna

"An ba mu aikin ƙirga gine-ginen da ke cikin mita 100 daga Kogin Kaduna, tsakanin Malali da Kabala. Ni da abokin aikina mun yi da manhajar taswira ta QGIS, kowa ya fito da adadi daban, tazarar kuma ba kaɗan ba ce. A ina muka kuskure, kuma wane adadi za mu miƙa?"

Assalamu alaikum Malam,

Mai yiwuwa ne babu wanda ya yi kuskuren danna komai a cikinku. QGIS abin da aka ba ta take aunawa. Abin da ke raba adadi a irin wannan aiki shawarwari ne guda uku da ake yankewa tun kafin a taɓa Buffer, wato kayan aikin da ke zana ziri a kewayen kogin, sau da yawa ma ba tare da an san an yanke su ba: da wane ma'auni ake awo, daga ina awon ya fara, sannan wane gini ne za a ce ya shiga.

Mu fara da ma'auni, don shi ne ke rusa aiki tun daga tushe. Yawancin bayanan da ake saukowa da su, musamman na OpenStreetMap, suna zuwa ne a tsarin EPSG:4326, wanda ke lissafi da digiri, ba da mita ba. Digiri ɗaya kuwa kusan kilomita 111 ne. Idan ka rubuta 100 a gurbin Distance alhali leyar kogin tana wannan tsari, ka nemi ziri mai faɗin fiye da kilomita 11,000, sai ka ga allo ya cika da launi ɗaya. Wannan kuskuren da sauƙi, domin yana tona kansa. Mai wahalar shi ne na wanda ya gane matsalar, ya shiga Set Layer CRS ya sauya lambar. Wannan ba ya juya komai, suna kawai yake sauya wa leyar, kamar a rubuta "gero" a jikin buhun dawa. Haka ma sauya tsarin da ke ƙasan allo ta dama: abin da ido ke gani kaɗai yake gyarawa. Abin da ake buƙata shi ne Reproject Layer, a yi wa kogin, a yi wa gine-ginen, duka zuwa EPSG:32632, wato shiyya ta 32 ta UTM. Wannan shiyya ta kama daga digiri 6 zuwa 12 a gabas, Kaduna da Kano suna cikinta. Da a Maiduguri kake, 32633 za ka ɗauka, a Sakkwato kuwa 32631.

Kada kuma ka yarda da EPSG:3857 don ka ga an rubuta mita. A daidai Kaduna yana ƙara tsawo da kusan kashi 1.7 cikin ɗari, don haka mita 100 ɗinsa a ƙasa mita 98 ne da ɗan kai. A unguwar da gidaje ke manne da juna, wannan ya isa ya fitar da waɗanda ke kan iyaka.

Na biyu, kuma a nan muke zaton bambancinku ya fi yawa: mene ne kowannenku ya kira kogi? A OpenStreetMap babban kogi yakan zo iri biyu. Akwai layi guda da ke bin tsakiyar ruwa, mai alamar `waterway=river`, akwai kuma fili mai nuna faɗin ruwan gaba ɗaya, mai alamar `natural=water` tare da `water=river`. Ga ƙaramin rafi mai faɗin mita 4 ko 5, kowanne ka ɗauka daidai ne. Kogin Kaduna a cikin gari ba rafi ba ne. Mu ƙaddara a wani wuri faɗinsa mita 160. Daga tsakiya zuwa gaɓa mita 80 ke nan. Wanda ya auna mita 100 daga layin tsakiya, mita 80 sun tafi a cikin ruwa, 20 kacal suka hau tudu. Inda kogin ya wuce mita 200, zirinsa ko gaɓa ba zai kai ba, sai ya rubuta cewa babu gini ko ɗaya a wurin, alhali ruwa na lasar katangar mutane duk damina. Wanda ya auna daga gefen filin kuwa ya samu cikakkun mita 100 a kan ƙasa. Waɗannan mutane biyu ba aiki ɗaya suka yi ba.

Saboda haka filin za ku yi amfani da shi. Amma kafin nan ku ɗora shi kan hoton tauraron ɗan'adam, ku bi gefensa da ido daga farko har ƙarshe. Hoton da aka ɗauka da rani yakan nuna ruwa ya janye, yashi da duwatsu sun fito, masu lambu sun sauka cikin kwari. Idan wanda ya zana filin bakin ruwan rani ya bi, to ya matse kogin. Gaɓar da za a bi ita ce inda ƙasa ta karye ta gangara, wadda ba ta sauyawa daga wata zuwa wata. Inda zanen ya kauce, ku gyara da hannu, kuma ku gyara fayil ɗaya ku raba shi, kada kowa ya gyara nasa. Haka nan ku yanke iyakar farko da ta ƙarshe a wuri sananne, kamar gada ko mashigar wani rafi, domin "tsakanin Malali da Kabala" kowa da inda yake ganin ta fara.

Yanzu sai Buffer kanta, a ƙarƙashin Vector, Geoprocessing Tools. A Distance ka sa 100, ka tabbata an rubuta meters a gefensa. Segments yana zuwa da 5, abin da ke sa lanƙwasa ta gaza da kamar mita 1 a irin wannan faɗi. Ka mayar da shi 20 ka huta. Mafi muhimmanci shi ne ka kunna Dissolve result. Kogin yakan zo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta samu nata zirin, su hau juna a mahaɗa, ginin da ke wurin a ƙirga shi sau biyu idan an tara jimla. Bayan haka ka yi Difference ka cire ruwan, ya rage ɗamara biyu a gaɓa da gaɓa. Bakin zirin ma, a farko da ƙarshe, yakan zarce iyakar da kuka yanke da mita 100, sai a datse shi da Clip.

Kafin ka ci gaba, gwada abin da ka samu da lissafin kai. Idan tsawon da kuke aunawa kilomita 4 ne, gaɓa biyu, kowacce mita 100, ya kamata filin ya zo kusa da murabba'in mita 800,000, wato hekta 80. A Field Calculator ka rubuta:

```
area($geometry) / 10000
```

Idan ka ga 78 ko 84, lanƙwasar kogi ce. Idan ka ga 15, ko wata lamba mai sifili da yawa bayan ɗigo, koma baya.

Na uku shi ne ginin da iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa. A Extract by location, idan ka zaɓi intersect, duk ginin da ko kusurwarsa ta taɓa zirin ya shiga. Idan ka zaɓi are within, sai wanda ya shige gaba ɗayansa. Hanya ta uku ita ce a mayar da kowane gini ɗigo da Point on surface, sannan a ƙirga da Count points in polygon, adadin ya fito a gurbin NUMPOINTS. Mun fi son wannan ɗigon a kan na Centroids, domin ginin da ya zagaye tsakar gida tsakiyarsa na iya faɗawa waje da rufinsa. A misali, ziri ɗaya da gine-gine ɗaya suna iya ba da 640 a hanyar farko, 520 a ta biyu, 580 a ta uku, kuma duka ukun gaskiya ne. Zaɓi ya danganta da abin da za a yi da adadin. Idan don faɗakar da mutane ne ko shirin agaji, intersect ya dace, gara a ƙirga wanda bai kamata ba da a tsallake wanda ya kamata. Idan ƙiyasi ake so don kwatanta unguwa da unguwa, ɗigo ya fi adalci. Abin da ba za ku yi ba shi ne Clip a kan gine-ginen, don yankan su yake yi, ya bar muku guntaye.

Idan aikin ya tsaya da kukan invalid geometry, to akwai ginin da layinsa ya harɗe kansa. Fix geometries ke warware shi. Kada ka zaɓi a tsallake masu matsala, domin za su fita daga ƙirga ba tare da ka sani ba. Idan kuma kwamfuta ta yi nauyi, ka yi Create spatial index tukuna.

Saura gine-ginen kansu, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A OpenStreetMap masu sa kai ne ke zanawa, wata unguwa an gama ta tsaf, ta kusa da ita an zana rabi, sababbin gine-ginen bakin kogi kuwa, waɗanda su ne aikin ya fi shafa, sukan zama ba a kai gare su ba. Bayanan Google Open Buildings sun fi cika, amma daga hoton sama aka ciro su, don haka sukan haɗa rufin maƙwabta biyu ya zama ɗaya, ko su ɗauki rumfa ko kwantena a matsayin gini. Idan kai ka ɗauki wannan, abokinka ya ɗauki wancan, ba sai an nemi wani dalili ba. Ku zaɓi ɗaya, sannan ku ware wurare uku ko huɗu masu faɗin mita 200 kowane gefe, ku ƙirga rufin da ido a kan hoto, ku kwatanta da abin da fayil ya ce. Nan za ku san ko yana ragewa ne ko yana ƙarawa, da kuma kamar nawa.

Ku kuma kiyaye kalmar da za ku rubuta. Kwamfuta rufi take ƙirgawa, ba gida ba. Gida ɗaya irin namu yana iya zama zaure, ɗakuna biyu a ware, kicin da banɗaki, rufi biyar ke nan na magidanci ɗaya. Idan rahoto ya ce "gidaje 580" alhali rufi ake nufi, duk wanda zai lissafa mutane ko kayan agaji da wannan adadi ya ɓata tun daga farko. Cire ƙananan da ba su kai murabba'in mita 10 ba yana rage banɗaki da akurki, amma ba ya mayar da rufi gida. Wannan sai an taka an shiga unguwa.

Game da abin da za ku miƙa: adadi ɗaya, tare da layi biyu a ƙarƙashinsa masu faɗin tsarin awo, cewa daga gaɓa aka auna, tushen bayanan gine-gine da ranar da aka sauko da su, da ƙa'idar shiga. Idan akwai wuri, ku ƙara adadin intersect da na are within a matsayin sama da ƙasa, ku kuma raba gaɓar nan da ta tsallake. Kada ku sa wa taswirar suna "gidajen da ambaliya za ta ci". Ziri nisa yake aunawa, ruwa kuwa gangare yake bi: gidan da ke mita 40 a kan tudu yana iya tsira, na mita 300 a cikin fadama ya nutse. Wannan tambayar tana buƙatar bayanan tudu da kwari. Idan kuma maganar tazarar da doka ta hana gini ce, ku karɓi adadin mitan da wurin fara awo a rubuce daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, sannan duk ginin da ke tsakanin mita 5 da iyaka, ciki ko waje, ku ware shi a jeri na daban a je a auna shi a ƙasa, domin hoton sama kansa yakan goce da 'yan mitoci.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu aikin taswira