Zuwa ga Bashir, kan shafinka da ke nuna fuska biyu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya aiki? Saƙonka ya iso, na karanta sai da na yi dariya, wai ka mayar da shafinka sabuwar saba tun jiya da safe amma wayarka na nuna sabo, kwamfutar ofis kuma ta kafe a kan tsohon, har kana zargin an yi maka kutse. Kwantar da hankalinka, ba kutse ba ne, DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambarsa, ke aikinsa yadda aka tsara shi. Bari in bi da kai hanyar tun daga farko, in ka ga yadda tambayar ke tafiya kai da kanka za ka gane inda tsohon adireshin ya maƙale. Zan yi misali da www.example.com a madadin sunan shafinka.

Ka san dai kwamfuta ba ruwanta da suna, lamba take nema, wato adireshin IP irin 203.0.113.10. To da ka rubuta sunan ka danna, burauza ba ta fita waje tukuna, sai ta fara duba ajiyarta ko ta tambayi sunan nan ɗazu. In babu ta miƙa wa tsarin kwamfutar, shi ma ya duba tasa ajiyar da wani ɗan fayil mai suna hosts wanda ake rubuta suna da lamba da hannu. Wannan fayil ɗin tsohon hannu ne, kafin Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983 da fayil guda irinsa ake raba wa dukkan kwamfutocin da ke kan layi, ka ga ai ba zai ɗore ba.

In duk babu amsa a gida, sai kwamfutarka ta aika tambaya ɗaya tak zuwa ga risolba, ni ɗan aike nake ce masa don shi ke yin zirga-zirgar gaba ɗaya. Yawanci na kamfanin da ke ba ka intanet ne, rauta ce ke ba ka adireshinsa lokacin da ka hau layi, sai dai in ka sa wani da kanka irin 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Tambayar ƙarama ce, bisa al'ada ta hanyar aika saƙo mai sauƙi da ake kira UDP take tafiya a kan tasha ta 53, in amsar ta yi girma sai a sake ta ɗaya hanyar, wato TCP.

Yanzu a ce ɗan aiken nan bai san komai ba, yau aka kunna shi. Abu ɗaya kawai aka ba shi tun farko, jerin sabobin tushe, sunaye 13 ne daga a.root-servers.net har m.root-servers.net, kodayake injinan da ke bayan sunayen sun fi haka nesa ba kusa ba, a warwatse suke a duniya suna amsawa da adireshi iri ɗaya. Ana karanta suna ne daga dama zuwa hagu, shi ya sa ake farawa da su. Sai ya tambayi tushe, tushe ya ce ni ban san shafin nan ba amma ga waɗanda ke riƙe da com, je ka wajensu. Ya je wajen sabobin com, irin su a.gtld-servers.net waɗanda Verisign ke gudanarwa, su ma su ce ba mu da lambar amma ga sabobin da mai example.com ya yi rajista da su. Wannan turawar ita ce bayanan NS da za ka gani a allo. Sai a zango na uku ya isa wajen saba mai iko da sunan, wato inda kai ka shiga jiya ka canza lamba, ita ce kaɗai maganarta yankakkiya ce. Ta ba shi bayanin A in IPv4 ne, ko AAAA in IPv6 ne. Wani lokaci kuma ta ba shi CNAME, ma'ana sunan nan laƙabi ne, ainihin sunan ga shi can, sai ya sake bin sawun wancan. Ya dawo ya ba kwamfutarka lambar, sannan ne fa burauza za ta fara magana da shafin.

In kana so ka gani da idonka, wannan umarnin zai bi zangon ɗaya bayan ɗaya:

```
dig +trace www.example.com
```

To ga inda matsalarka take. Ɗan aike ba ya yin wannan doguwar tafiyar kullum, kowace amsa tana zuwa da wata lamba da ake kira TTL, daƙiƙoƙi nawa aka yarje masa ya riƙe ta kafin ya sake tambaya. TTL ɗin bayanin da com ke bayarwa ma 172800 ne, kwana biyu cur. Layin amsa kamar haka yake:

```
www.example.com.  86400  IN  A  203.0.113.10
```

Wannan 86400 ɗin awa 24 ke nan, kuma ina kyautata zaton irinsa ne a naka. Mu ɗauka ka canza lambar zuwa 198.51.100.7 jiya da ƙarfe goma na safe. Wani a ofis ya buɗe shafin da ƙarfe tara, to ɗan aiken ofis ya riga ya ɗauki tsohuwar lamba ya ajiye, kuma ba zai koma tambaya ba sai yau ƙarfe tara, duk wanda ya tambaye shi a tsakani tsohuwar zai miƙa masa. Ita kuwa wayarka tana kan layin kamfanin waya, ɗan aikenta daban ne, bai da komai a ajiye ko nasa ya riga ya ƙare, sai ya je ya ɗauko sabuwa. Mutane na cewa wai canjin yana "yaɗuwa" a hankali, ni kalmar nan ba ta yi mini ba sam, babu abin da ake turawa ko'ina, ajiyar kowa ce ke ƙarewa a lokacinta.

Yadda za ka tabbatar, yi tambaya biyu daga kwamfutar ofis, ta biyun ka sa sunan sabarka mai iko a gurbin wanda na rubuta:

```
dig www.example.com
dig @ns1.example.com www.example.com
```

In ta biyun ta ba ka sabuwar lamba ta farkon kuma tsohuwa, aikinka daidai ne, jira kawai ya rage. Ka lura da lambar TTL a ta farkon, in ka maimaita bayan minti ɗaya za ka ga ta ragu da kusan 60, ita ce ke gaya maka sauran lokacin. Amma in saba mai iko ma tsohuwar take bayarwa to ba jira ba ne, ko canjin bai ajiyu ba ko ka yi shi a wurin da NS ba ya nunawa, wannan ya taɓa cinye mini yini guda, ina ta gyara a wajen kamfanin da na yi rajistar suna alhali NS ɗin na nuna wani kamfani daban.

Sai ka riƙa duba wurin da aka rubuta status a amsar dig. NOERROR lafiya. NXDOMAIN na nufin an tambaya an ce sunan babu shi, duba ko ka yi kuskuren harafi, kuma wannan "babu" ɗin ma ana ajiye shi na wani lokaci, don haka kar ka gwada sabon suna kafin ka ƙirƙire shi. SERVFAIL kuwa ɗan aike ne ya kasa samo amsa mai kyau, galibi saba mai iko ba ta amsawa ko sa hannun DNSSEC, wanda ake tabbatar da sahihancin amsa da shi, ya lalace.

Wani karon in za ka ƙaura, sauke TTL zuwa 300 wato minti biyar, ka bar shi ya kwana ya cika awa 24 don tsohon 86400 ɗin ya ƙare a ko'ina, sannan ka canza lambar, in komai ya zauna ka mayar da shi sama. Yanzu dai kar ka kashe tsohuwar sabar sai gobe. In ofis ya ci gaba da gardama bayan lokacin ya cika, goge ajiyar kwamfutar da ipconfig /flushdns in Windows ce, ka rufe burauza ka sake buɗewa, ka leƙa fayil ɗin hosts ko wani ya taɓa rubuta tsohuwar lambar a ciki lokacin gwaji ya manta.

Turo mini abin da dig ɗin biyu suka nuna in duba. A gaida mutan gida.

Naka,
Aminu