Takardar da kakan 'ya'yana ya bari, an ce wai ta mutu

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga unguwar Birni, nan Damagaram, ina roƙon ka ɓoye sunana. Ran Juma'ar da ta wuce, kwana biyu bayan sadakar arba'in ta surukina, yayan mijina ya aiko yaro da saƙo cewa in fara neman wurin zama kafin azumi, domin gidan da nake ciki da marayu uku zai shiga rabo. Ko ya tako da ƙafarsa bai yi ba, yaro ya aiko.

Mijina ya rasu a 2017, a hatsarin mota kan hanyar Matamaye, ya bar mini namiji ɗaya da mata biyu. Mahaifinsa, wanda muke kira Baba Alhaji, shi ya hana ni komawa gidanmu bayan na fita takaba. Ya ce jikokinsa ba za su yi agolanci ba yana raye. Ban yi wani aure ba, ba don babu manema ba, kowa ya sani. Ƙosai da kunu nake sayarwa a ƙofar gida, da su na biya kuɗin lakwal, da su na sake daɓen soro lokacin da damina ta ci shi. Ba wanda ya taɓa kawo ko buhun siminti.

A 2019 Baba Alhaji ya kira ni zaure, liman na zaune da wani maƙwabci. Ya rubuta takarda da hannunsa, da ajami, a kan takardar littafin 'yan makaranta, ya karanta musu, ya ce su shaida. Abin da ke ciki shi ne, bayan ransa gidan nan da wani fili a hanyar Mirya na 'ya'yan marigayi ne. Ya sa rana da shekara, ya sa hannu, su ma suka sa. Tana cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa har yau, tawadar ma ba ta dushe ba. Dalilin da ya yi ta, ya faɗa a gabansu: ya san idan uba ya riga kaka mutuwa, kuma akwai 'ya'ya maza a raye, jika ba ya gado. Baffanni sun tare shi.

Wannan na yarda da shi, hukuncin Allah ne, ba na ja. Malamin unguwarmu ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke. An ƙiyasta dukiyar duka, bayan kuɗin jana'iza da bashi, sefa miliyan 24. Baba Alhaji ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku, mata huɗu. Idan aka ce babu wasiyya, matan su raba sumuni, wato miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Miliyan 21 da ta rage a kasa ta goma, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya: kowane namiji miliyan 4 da jika 200, kowace mace miliyan 2 da jika 100. 'Ya'yana ko dala. Amma idan wasiyyar ta tsaya, ana fitar da ita kafin rabo, muddin ba ta wuce sulusi ba. Sulusin miliyan 8 ne, gidan kuwa an yi masa kuɗi miliyan 6. Kuma tunda jikokin ba magada ba ne, ba a bukatar yardar kowa, don magaji ne ba a yi wa wasiyya sai sauran sun amince. Haka ya ce mini.

To ga inda yayan mijina ya ɓullo. Mutumin da tun ƙaninsa na raye yake jin haushinsa, ko asibiti bai zo ba ranar hatsarin sai da aka gama komai. Da farko ya ce ai tsoho ya sayar da filin hanyar Mirya a 2021, saboda haka takardar duka ta rushe. Gaskiya ne an sayar, kuɗin magani aka yi da shi, ni ma na sani. Malamin ya ce sayar da abin da aka yi wasiyya da shi janyewa ne, amma a kan wannan abin kaɗai, gidan bai shafa ba. Da ya ga wannan ba ta ci ba, sai ga wata takarda ta biyu, bugun inji da Faransanci, da shekarar 2023 a kanta, wai tsoho ya soke duk abin da ya rubuta a baya. Babu sa hannu, sai dangwalen yatsa. Babu sunan shaida ko ɗaya. Malam, Baba Alhaji bai san Faransanci ba, kuma a wannan shekarar ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, bakinsa ya karkace, ni nake ba shi koko da cokali, rabi yana zubowa a haɓarsa. Wa ya kama yatsan nan ya dangwala?

Na manta ban faɗa ba, liman ya rasu bara. Maƙwabcin kuma yana wajen haƙar zinariya a arewa, ba a samunsa a waya kullum. Shi ya sa suke da ƙarfin gwiwa. Yanzu ma sun ƙara da cewa ko ba takarda, tsoho ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa ya fasa. Na san mai wasiyya yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so, da baki ko da aiki, in dai yana cikin hankalinsa. Amma waɗanda suka ce sun ji, su ne za su ci gidan. Ana karɓar shaidar mutum a kan abin da zai shiga aljihunsa?

Ɗan yayata da ya yi karatun shari'a a Yamai ya ƙara rikita ni. Ya ce a dokar Nasara, wasiyyar da mutum ya rubuta duka da hannunsa, ya sa rana, ya sa hannu, ta isa ko ba shaida, kuma takardar inji mai dangwale wadda ba a yi gaban noter ba, wato ma'aikacin da ke tabbatar da takardu bisa doka, ba ta soke komai. Amma ya ce a Nijar gado da wasiyya irin namu da al'ada ake yanke su, wato a nan Musulunci, alƙalin jastis yana zama da masana al'ada a gefensa. Malamin unguwa kuma ya ce a mazhabar Malikiyya rubutun hannu kaɗai ba ya isa, sai an tabbatar ya kafa shaidu ko ya ce a zartar. To mu an kafa, amma ɗaya na kabari. Ko waɗanda suka san hannun liman za su iya shaida sa hannunsa? Ko ni in rantse tare da shaida ɗaya, ko sai yaran sun girma su rantse da kansu? Babban shekararsa 14.

Wata maƙwabciya ta ce in bar zancen wasiyya, in ce kyauta ce, tunda muna ciki tun tsoho na raye. Ni ba zan yi ƙarya ba, takardar "bayan raina" ta ce, kuma takardun gidan har yanzu sunansa ne.

Sun sa taron dangi ranar Asabar mai zuwa, za a rubuta sunayen magada a kai jastis, ba a gayyace ni ba. In je ko da ba a kira ni ba? In fara kai kuka fada wurin alƙalin Sarki, ko in wuce jastis kai tsaye kafin a sa hannu a takardar taron? Kuma Malam, idan suka ce in ba su takardar su duba, dole ne in miƙa ta asali, ko hotonta ya isa? Tsorona kada ta shiga hannunsa ta ɓace.

Wassalam, daga uwar marayu a Birni.