Rahoton Kwamitin Gyaran Ajujuwa Biyu a Firamaren Unguwarmu, Kumo

Assalamu alaikum. Kwamitin da ƙungiyar ci gaban unguwa ta naɗa yana sanar da iyaye da 'yan uwa cewa an kammala gyaran ajujuwa biyun da iska ta yaye wa rufi a farkon daminar bara. An rufa sabon kwano, an yi daɓe da filasta, an kuma saka bencina 30. Da yake ƙungiyoyin maƙwabta a ƙaramar hukumar Akko suna ta tambayar yadda muka rubuta takardar neman tallafin, ga bayani.

Manufa ɗaya tak muka rubuta, kuma ba "bunƙasa ilimi" ba ce, domin wannan ba mai iya auna shi. Cewa muka yi: ɗalibai 90 da ke karatu a gindin bishiya su koma aji, kowa da wurin zama, kafin ruwan watan Mayu ya sauka. Da mutane, da adadi, da wa'adi, duk suna cikin jimlar.

Daga nan muka jera ayyukan da za su kai ga manufar: cire ruɓaɓɓen katako, rufin kwano, daɓe, haɗa benci. Kowane aiki da mai yinsa, da makon da zai gama, da layinsa a ƙiyasin kuɗi. Fenti ba ya cikin manufar, don haka bai shiga ba, ko da yake wasu dattawa sun so. Mun ware kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, shi ne ya cece mu da siminti ya tashi ana tsakiyar daɓe.

Inda aka fi jan hankalinmu shi ne sakamako. Rufa kwano aiki ne, rasit da hoto sun isa shaida. Sakamako kuwa canjin da aka gani ne a jikin yara, kuma ba a gane shi sai an san yadda abin yake tun farko. Shi ya sa kafin kafinta ya buga ƙusa ko ɗaya, sakatare ya zauna da hedimasta suka buɗe rajistar kiran suna, suka fitar da yawan masu zuwa kullum da ranakun da ruwa ya tashi karatu. Waɗannan alƙaluma ne ma'auninmu.

A kula da wani tarko: a nan yara kan ragu da damina saboda aikin gona. Wanda ya gwada Fabrairu da Yuli zai ɗauka gyaran ne bai yi amfani ba. Mun rubuta cewa Yulin bana za a gwada da Yulin bara.

Zuwa yanzu an tabbatar duka 90 suna kan benci, uku-uku. Lissafin zuwa makaranta sai damina ta yi, kuma za a tura wa masu tallafin a watan Oktoba. Rasit duka suna hannun ma'aji ga mai son dubawa.