Na yi aikin amma sibi na bai faɗe shi da kalmarsu ba, ya zan yi?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗiyarki ce daga Jekadafari nan Gombe. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina tattara wa wata ƙungiya bayanai a ƙauyukan Dukku da Nafaɗa, gida-gida muke bi da tabulet muna auna damtsen yara da ɗan tef ɗin nan mai ja da ɗorawa da kore, mu shigar a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, da yamma in an samu sabis sai mu tura. Da kwantiragi ya ƙare na nemi aiki wuri goma sha ɗaya ta intanet, wallahi ko intabiyu ɗaya ba a kira ni ba.

Sai na tura wa yayana sibi ɗin, shi yana sashen ɗaukar ma'aikata a Abuja, ya haɗa da tallar aikin da na nema ta ƙarshe ya ce in duba da kaina. Talla ta ce M&E Assistant, wato mataimaki a sashen bibiya da tantance ayyuka, ana son wanda ya iya KoboToolbox ko ODK. Ni kuma a kafe aka buga min "collected field information using mobile device", ko sau ɗaya sunan Kobo bai fito ba. Ya ce in mutane suka yi yawa ba kowace takarda ake buɗewa ba, duk suna cikin manhajar da ake kira ATS, mai tacewa sai ya rubuta abu kamar haka a akwatin bincike:

```
"M&E" AND ("KoboToolbox" OR "ODK")
```

Wannan binciken haruffa yake bi, in babu su a takardarka ba za ka fito ba ko ka shekara goma kana aikin. Har wanda ya rubuta "monitoring and evaluation" a cike bai sa gajeren ba zai iya faɗuwa, don a wajenta abu biyu ne daban. Ranar na kasa cin abinci Anti, ni da nake koya wa sababbi yadda ake cike fom ɗin.

To amma ya ce akwai wata iri mai bin ma'ana, ita tana mayar da jimlolinka lambobi, ta mayar da na talla, sai ta auna kusancinsu ta ba da maki. A wajenta jimlata za ta iya matsowa kusa da "data collection" ko da kalmomin sun bambanta. Sai dai kusa kawai ta sani, ba za ta tabbatar Kobo na yi amfani da shi ba tunda ban faɗa ba, wanda ya ambaci sunan zai fi ni maki. Kuma jera kalmomi tsura ba ya amfani sosai a wajenta kamar cikakkiyar jimla mai faɗin me ka yi, da me, a ina. Abin da ya fi damuna shi ne daga waje ba ka gane wacce suke amfani da ita, ko ka ga sunan ATS ɗin, kamar Workday ko Taleo, a adireshin shafin, ya ce wuri ɗaya ma zai iya haɗa duka biyun.

Na dai gyara abin da zan iya. Na rubuta "Monitoring and Evaluation (M&E)" don kowacce ta samu nata, na sa Kobo a cikin jimla tare da ƙananan hukumomin da na yi aiki, wannan duk gaskiya ne hankalina kwance.

Inda na tsaya biyu ne. Mai kafe ya ce in kwafe tallar gaba ɗaya in liƙa a ƙasan takarda da farin rubutu yadda ido ba zai gani ba, yayana ya ce manhajar tana cire launi ta nuna rubutun fili kowa ya gani, ni ko ba a gani ba ma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, har da Power BI a ciki wanda ban taɓa buɗewa ba, iyakata Excel.

Na biyun ne ya hana ni barci. A takardar kwantiragi na "Enumerator" aka rubuta, amma wata shida na ƙarshe ni nake duba fom ɗin mutum takwas kullum, in fitar da wanda aka maimaita ko aka sa shekarun yaro ba daidai ba, wato aikin M&E Assistant nake yi ba a ba ni sunan ba. In na bar sunan yadda yake mai bin haruffa za ta iya tsallake ni, in na canja kuma aka kira tsohon ogana ya ce ba haka ba ne na zama maƙaryaciya. Zan iya barin Enumerator in ƙara "M&E support" a gefensa, ko shi ma ya shiga ƙarya? Don Allah Anti ki amsa min a shirin wannan makon, ranar Juma'a za a rufe wata da nake so in nema.

Ɗiyarki daga Jekadafari, Gombe.