Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Damagaram kan takardar sallamar marasa lafiya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na ma'aikacin jinya a ɗaya daga cikin cibiyoyin lafiya na karkara. Mu ne muke tura mara lafiya babban asibiti idan ciwo ya fi ƙarfinmu, kuma hannunmu yake dawowa bayan an sallame shi. Tsarin lafiya na ƙasarmu ya tanadi takardar turawa da takardar mayarwa, wato bayanin da asibiti zai maido wa wanda ya turo. Ta turawa muna cika ta, amma ta mayarwa sau da yawa ba ta iso mana, sai dai uwa ta kwance bakin zane ta miƙo mana rasit da takardar sayen magani da kwalin da babu komai ciki. Roƙona shi ne ku sa kowane asibitin jihar nan ya ba kowane mara lafiya takardar sallama mai shafi guda, wadda ta faɗi ciwon da aka gano, da maganin da aka yi, da gwajin da ba a samu sakamakonsa ba tukuna, da abin da za a yi a gaba.

Bari in nuna dalili da misali irin wanda damina ke kawo mana kowace shekara. A ɗauka yarinya ce ƴar shekara 3 mai nauyin kilo 12, an tura ta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tafin hannunta fari fat. A asibiti an auna jininta aka tarar ya sauka zuwa giram 4, an ƙara mata jini, an yi mata allurar artesunat, an ɗebi jini domin gwajin amosanin jini, sannan bayan kwana biyar aka sallame ta tana ci tana wasa. Aikin asibiti ya yi kyau. Amma kwana goma sha biyu da fara allurar sai ga ta a cibiyarmu, jiki ba ƙwari, idanu sun ɗan yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi.

Ma'aikacin da ba shi da takarda zai yi abin da aka koya masa, wato gwajin gaggawa na yatsa, kuma gwajin zai iya nuna layi biyu. Wannan gwaji ɓurɓushin ƙwayar cutar yake ganowa, ɓurɓushin kuwa yakan jima makonni cikin jini ko da magani ya kashe ƙwayar. Saboda haka sai a ce zazzaɓi ne ya dawo, a ba da ƙwayoyi, a ce ta koma gida. Alhali abin da ya kamata a fara zargi daban ne: wasu daga cikin waɗanda aka yi wa allurar artesunat jajayen ƙwayoyin jininsu sukan farfashe tsakanin mako ɗaya zuwa uku bayan magani, jinin ya sake sauka. Wannan ba hujja ba ce ta ƙin artesunat, domin shi ne maganin da ya fi ceton rai a zazzaɓi mai tsanani. Hujja ce ta sanar da ma'aikaci na gaba cewa an yi shi, da ranar da aka fara shi. Wanda ya karanta haka zai auna jini nan take, ya nemi a duba ƙwayar cutar da madubin likita maimakon ya dogara da gwajin yatsa, idan kuma ya ga jinin ya faɗi ya maida yarinyar asibiti tun da rana.

Shi ya sa layin ciwo bai kamata ya tsaya a kan “zazzaɓi” kawai ba. Ya ce zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tare da ƙarancin jini mai tsanani, jini giram 4 ranar shiga, giram 8 ranar fita. Adadin ranar fita shi ne ma'auninmu: idan muka auna muka samu 6, wanda ya san an sallame ta da 8 ya san jini sauka yake yi, wanda kuwa bai sani ba yana iya ɗauka hawa yake yi daga 4. Layin magani shi ma yana bukatar adadi da rana. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana yi masa artesunat miligiram 3 a kowane kilo, ita ke nan miligiram 36, a farko, da bayan awa 12, da bayan awa 24, sannan a bi da ƙwayoyin sha na kwana uku cif. Idan an sallame ta saura kwana ɗaya na ƙwayoyin, a rubuta, domin mu tambayi uwa ko ta ƙarasa ba ta. A rubuta kuma ranar ƙarin jini da yawan da aka ƙara.

Wurin da na fi so ku duba, ranka ya daɗe, shi ne sakamakon da bai fito ba, domin shi ne ba shi da mai shi. Likitan da ya nema ya riga ya ba wani gadon, ɗakin gwaji ya gama aikinsa ya ajiye takarda, iyaye suna ƙauye a yankin Tanut ko Gure ba su ma san akwai abin da ake jira ba, mu kuma ba wanda ya gaya mana. Idan gwajin yarinyar nan ya nuna amosanin jini, kulawarta ta canza har tsawon rayuwa, kuma ƙannenta ma sai an gwada su. Akwai wani abu ƙarami da ke sauya ma'anar sakamakon baki ɗaya: shin kafin ƙarin jini aka ɗebi jinin gwajin ko bayansa? Idan bayansa ne, jinin wanda ya bayar ya gauraya da nata, mai ciwon tana iya fitowa kamar mai ɗauke da shi kawai, kuma dole a sake gwajin bayan kimanin wata uku. Jimla ɗaya ta isa ta bayyana wannan. Takardar ta faɗi sunan gwajin, da ranar da aka ɗebi jinin, da ranar da ake sa ran sakamako, da muƙamin wanda zai karɓe shi, da lambar wayar sashen da za mu kira.

Shirin gaba kuma ya ambaci wuri da rana da aiki. “A dawo idan akwai matsala” ba ta gaya wa kowa komai. A ce a auna jini a cibiya mafi kusa kwana 7 da kwana 14 bayan fara allura, a kuma kawo ta ba jira idan fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ko numfashi ya yi sauri, ko ta ƙi ci. Ita takardar da Faransanci ake rubuta ta, saboda haka wannan sashe na ƙarshe a karanta wa uwa shi da harshen da take ji, Hausa ne ko Barbarci ko Fillanci, a kuma sa ta maimaita kafin ta ɗauki kayanta.

Na san yadda ɗakunan yara suke cika daga Agusta zuwa Oktoba, kuma likitan da ke da layi a gabansa ba zai zauna ya rubuta dogon rahoto ba. Don haka nake neman fom bugagge mai gurabu, wanda za a cika cikin ƴan mintoci, da kwafi biyu: ɗaya a liƙa cikin karnen mara lafiya, wato littafinsa na asibiti, ɗaya ya zauna a fayil. Ina neman kowane sashe ya riƙe rajistar sakamakon da ake jira, da mutum guda da zai duba ta kowane mako ya kira cibiyar da abin ya shafa. Sannan idan masu sa ido daga ofishinku sun zo zagaye cibiyoyinmu, su ƙirga mutum nawa muka tura, mutum nawa kuma suka dawo da takarda, su kai lissafin gaban shugabannin asibitocin da suka sallame su.

Na gode, Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Ma'aikacin jinya a wata cibiyar lafiya ta karkara, jihar Damagaram